Yadda fifiko ya raba gidanmu, da yadda ake gane shi tun yana ƙarami

Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, kuma mutum ne mai tsoron Allah gwargwadon saninsa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin azzalumin uba nake bayarwa. Bai taɓa barinmu da yunwa ba, bai taɓa barin sallah ta wuce ba mu da sabon ɗinki ba. Da a ce a wancan lokacin wani ya tare shi ya ce yana bambanta 'ya'yansa, da ya rantse ba ya yi, kuma da zuciya ɗaya zai rantse. Yawancin iyayen da na zauna da su daga baya haka suke. Suna duba zuciyarsu su ga duk suna son yaran, sai su natsu. Yaro kuwa ba zuciyar uba yake gani ba. Abin da yake gani shi ne wa aka aika cikin rana, wa aka bari a inuwa, wa aka doka, wa aka ce a ƙyale.

Gidanmu yana cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Mata biyu ne, mu takwas. Mutane da sun ji haka sai su ce ai 'yan ubanci ne, rikicin mowa da bora. To a gidanmu ba nan ta fashe ba. Wanda aka fifita uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ke bi mini. An haife shi watanni kaɗan bayan rasuwar kakanmu, aka mayar masa da sunan marigayin. Kowa ya san abin da ke biyo baya a ƙasar Hausa: ba a kiran sunan, sai a sakaya, kuma uba yana jin nauyin ɗaga hannu a kan mai sunan mahaifinsa. A gefe guda kuma ga yayarmu, 'yar fari, wadda alkunya ta hana Baba da Inna ko kallonta da fara'a a gaban mutane. Al'adu biyu ne masu kyakkyawar niyya, ɗaya girmama mamaci, ɗaya kawaici. Amma da suka haɗu a gida ɗaya, sai aka sami yaron da ba a tsawata masa da yarinyar da ba a yi mata murmushi, mu kuma sauran muna tsakiya.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. In Baba ya gama cin tuwon dare, ragowar kwanonsa da tsokar da ya bari, sunan ƙanena ake kira. In ya dawo kasuwa da tsire a takarda, hannun ƙanena yake fara shiga, sannan a ce ya ba mu. Wannan ya fi rashin tsiren ciwo, domin ya mayar da ƙaramin yaro mai rabo, mu kuma masu jira. Ɗebo ruwa da sayo itace da kai niƙa nawa ne. In muka yi faɗa, ba a tambayar mafari, sai a ce, “Kai ne babba, ba ka da hankali?” In kuma da ƙaninmu na ɗaya ɗakin ya yi faɗa, sai maganar ta juya, a ce wa ƙaramin, “Ba ka ganin yayanka ne?” Ko ta ina aka biyo, shi ke da gaskiya.

Ina ajin ƙarshe na firamare muka gano wata dabara. In muna son wani abu wurin Baba, kuɗin kallon hawan sallah ko izinin zuwa gidan kawu, ba ma zuwa da kanmu. Sai mu lallashi ƙanena mu ce, “Je ka tambayo mana Baba.” In ya je an bayar, in mu muka je sai a ce gobe. Duk uba ko uwar da ke karanta wannan su tsaya a nan su yi tunani. A cikin duk alamomin fifiko da na sani, babu wadda ta kai wannan gaskiya. In ka lura yaro ɗaya ne kullum ke zuwa da roƙon 'yan uwansa, to yaran sun riga sun gwada, sun auna, sun gano bakin wa ke da tasiri a wurinka. Ba sa yin kuskure a wannan lissafin, don su abin ya shafa.

Da na gama aji uku na sakandare, kasuwa ta ja baya, Baba ya ce yana bukatar mai tsaron shago. Ni aka cire daga makaranta. Ban musa ba, kuma har yau ina ganin da an zaunar da ni an ce ga halin da ake ciki, ka taimaka shekara biyu ka koma, da na yi da daɗin rai. Abin da ya karya ni shi ne a shekarar aka ɗauke ƙanena daga makarantar gwamnati aka kai shi ta kuɗi. Kuɗin da aka ce babu ya samu. Ina auna wa mutane yadi, ina lissafin cewa ribar da na kawo yau ita za ta biya kuɗin makarantarsa. Ban yi wa kowa magana ba. Na daina cin abinci a gida sai dole, na koma zaman majalisa har sai an rufe ƙofa. Inna ta ce na zama miskili. Shirun da na yi, shi aka ɗauka a matsayin halina, ba wanda ya tambayi yaushe ya fara.

Shekaru suka ja. Ƙanena bai gama karatun ba, domin yaron da bai saba jin “a'a” a gida ba, da wuya ya jure ta a waje. Da ya dawo, Baba ya ga ba shi da abin yi, sai ya mallaka masa shagon da na yi ƙuruciyata a ciki, da kayan da ke ciki, a gaban shaidu biyu. Ni aka ce ai na iya kasuwa, ko ina na je zan ci abinci. Wannan ma hanya ce da fifiko ke ɓuya: mai ƙoƙari a hukunta shi da ƙoƙarinsa, a ce ba ya bukata. Na tattara kayana na tafi Kano. Na yi yaron shago a Kantin Kwari, daga baya na koma karatu da kaina har na sami shaidar koyarwa. Ina aiko wa Inna da abin da ya sawwaƙa, ina gaida Baba ranar sallah a taƙaice. Da ƙanena kuwa ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Abin da ya fi damuna a shekarun nan ba talauci ba ne. In na zo yi wa iyaye addu'a bayan sallah, sai in ji harshena ya yi nauyi a kan sunan Baba, in tashi ina jin tsoron Allah a kan abin da ke cikin zuciyata.

Gwaggonmu, yayar Baba, ita kaɗai ke iya faɗa masa gaskiya. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, ta zauna a bakin gadonsa ta ce, “Malam, yaran nan takwas Allah ya ba ka, ba ɗaya ba. Ka gyara tun kana numfashi.” Aka kira ni, aka kira wani malami da ya san fiƙihu. A wannan zaman na koyi abin da nake so kowane magidanci ya sani tun yana da lafiya.

Malamin ya fara da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mahaifinsa ya yi masa kyauta, mahaifiyarsa Amra 'yar Rawaha ta ce ba za ta yarda ba sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida. Da aka je, sai Annabi ya tambaya ko ya ba sauran 'ya'yansa irin wannan. Ya ce a'a. Annabi ya ce, “Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku.” Bashir ya koma ya karɓe kyautar. Baba ya ce to shi ma ya karɓe. Malamin ya girgiza kai. Ya ce a mazhabar Malikiyya uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, amma damar tana da iyaka. Tana faɗuwa in ɗan ya yi aure saboda wannan dukiyar, ko aka ba shi bashi saboda ita, ko abin ya canza a hannunsa, ko kuma ciwo mai tsanani ya kama uban. Ƙanena ya yi aure da shagon, ya ci bashin kaya a kansa, ga Baba a kwance. Sai Baba ya ce to a ba sauran gonarsa su daidaita. Nan ma malamin ya ce kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Gyaran da zai yiwu da magana ɗaya shekaru goma kafin nan ya koma sai da yardar wanda aka fifita.

Baba ya yi kuka a gabanmu, abin da ban taɓa gani ba. Ya nemi gafarar kowa da sunansa, har yayarmu, wadda ranar ce na fara jin ya kira sunanta. Na yafe masa, kuma Allah ya sani da gaske na yafe. Bayan rasuwarsa sai da aka daɗe ana kai ruwa rana kafin ƙanena ya yarda a ƙiyasta shagon a cire wani sashe daga rabonsa. Yau muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, 'ya'yanmu suna wasa tare. Amma 'yan ɗaya ɗakin har yanzu biyu daga cikinsu ba sa taka gidansa. Shi kansa ya taɓa ce mini ya tashi yana ganin duk gidan sun tsane shi, bai san laifinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Bai zaɓi sunan da aka sa masa ba. Ko a Suratu Yusuf, a aya ta 8, abin da 'yan uwan suka fara faɗa shi ne Yusuf da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa wurin ubansu, amma wanda aka jefa a rijiya yaron ne. Fushin da yara ba za su iya kai wa uba ba, kan ɗan'uwansu yake sauka.

Na dawo Katsina ina koyarwa a firamare, kuma saboda abin da ya same ni, idona yana saurin kama yaron da ake bambantawa. Iyaye da dama na zauna da su, wasu a makaranta, wasu a zaure. Abu na farko da nake hana su shi ne tambayar kansu, “Ina son su duka?” Amsar kullum e ce, kuma ba ta gyara komai. Ƙaunar zuciya ba a hannun mutum take ba, wani yaron yana da shiga rai, wani ya yi kama da kai, wani ya zo bayan doguwar jira ko bayan rasuwar wasu. Abin da ke hannunka shi ne aiki, shi kuma ana iya ƙirga shi.

Ga yadda nake sa su yi. A sami ƙaramin littafi, a rubuta sunayen yaran a jere. Tsawon mako biyu, kowane dare bayan isha'i, a yi alama a gaban sunan kowa: wa na aika yau, wa na tsawata wa ko na doka, wa na yaba, wa na ba wani abu a hannu ko da naira hamsin ce, wa kuma na zauna da shi muka yi magana wadda ba umarni ba. Mako biyu nake cewa domin mako ɗaya yana iya zuwa da rashin lafiya ko baƙi ya rikita lissafin. Kada yaran su sani, kada kuma a canza hali saboda littafin, in ba haka ba ƙarya za a rubuta. Uba ya yi nasa, uwa ta yi nata daban, domin sau da yawa kowa da nasa ɗan lelen, kuma akwai yaron da bai faɗo a rabon kowa ba.

Bari in kawo gida ɗaya da na bi daga farko har ƙarshe. Magidanci ne ma'aikaci, mace ɗaya, yara huɗu: namiji ɗan shekara 13, mace 'yar 11, namiji ɗan 8, da auta 'yar 5. Ɗan shekara takwas ɗin ne a ajina. Ya fara ɗaukar fensirin yara da kuɗin tara, ga shi ba rashi gare su ba. Uban ya zo a fusace yana cewa a zane shi. Na roƙe shi ya yi mako biyun nan tukuna. Da ya dawo da littafin, shi da kansa ya yi shiru. Cikin kwana 14, an aiki yaron nan sau 31, babban yayansa sau 9. An tsawata masa sau 18, yabo ko ɗaya babu. Layin hira kuwa, auta tana da alama kusan kowace rana, babban yana da shida saboda suna kallon ƙwallo tare, yarinyar tana da uku, shi babu. Uban bai tsane shi ba. Babban an ce yana karatun jarrabawa, yarinyar tana taya uwa girki, auta ta yi ƙanƙanta, sai duk aike ya gangaro kan mutum ɗaya. Wanda aka fi aika kuwa shi ya fi samun damar yin laifi: ya zubar da manja, ya ɓatar da canji, ya daɗe a hanya. Aike ya haifi faɗa, faɗa ya haifi suna, har aka fara ce masa ɓarawon gida.

Gyaran da muka yi ba shi da yawa. Aike ya koma na kwana-kwana tsakanin manyan uku, aka rubuta a jikin ƙofar ɗaki, ranar kowa ta zo shi ke zuwa, jarrabawa ko babu, sai dai a yi musaya a biya daga baya. Auta aka ba ta nata daidai ƙarfinta, tattara takalma da kai kofuna wurin wanke-wanke. Hukunci aka ɗaure shi a kan laifi, ba a kan mai laifi ba: duk wanda ya ɓatar da canji, ko waye, za a cire daga kuɗin tararsa na kwana biyu, kuma ba a yanke hukuncin faɗa sai an ji bakin kowa, ɗaya bayan ɗaya. Sai abu na uku, wanda ya fi sauran aiki. Na ce uban ya ware wa kowane yaro minti goma sha biyar, sau biyu a mako, shi kaɗai. Ba sai an kashe ko sisi ba. Ya ɗauke shi a babur in zai je sayo cefane, ko su taka tare zuwa masallaci da magariba, kuma a cikin wannan lokacin babu nasiha, babu tambayar sakamakon jarrabawa. A bar yaron ya yi magana.

Makon farko yaron bai ce komai ba a kan babur ɗin. Uban ya zo yana cewa abin ba ya aiki. Na ce ya ci gaba, domin yaron da aka daɗe ba a kula ba yana fara ɗaukar kulawa a matsayin tarko, yana jira ya ga laifin da za a tono. Mako na uku halinsa ma ya ƙara lalacewa, ya yi wa uwarsa tsiwa, ya ƙi zuwa aike ranar da tasa ce. Wannan gwaji ne, yana so ya ga ko sabon abin zai tsaya. A nan iyaye da yawa ke karaya su koma gidan jiya. Abin yi shi ne a hukunta laifin yadda aka tsara, kuma kada a soke fitar da aka saba yi da shi a matsayin horo. Wajen wata biyu ɗauke-ɗauken ya tsaya. Ba na cewa kowane yaro mai ɗauke-ɗauke fifiko ne ya jawo, akwai yunwa, akwai abokai. Amma in yaro ɗaya ne a gida ya canza, sauran lafiya, a fara duba littafin kafin a ɗauko bulala.

Alamomin suna canzawa da shekaru. Ɗan shekara uku zuwa biyar yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya riƙa mintsinin jariri in an juya baya. Wannan sau da yawa kishin sabuwar haihuwa ne kawai, kuma yana wucewa in an riƙa ɗaukarsa shi ma. Abin lura shi ne in ya wuce watanni bai lafa ba. Daga shekara shida zuwa goma, yaron yakan daina kawo ƙara, ya daina nuna littafinsa in ya ci maki mai kyau, domin ya gane ba a dubawa. Matashi kuma gidan yake gudu: ya ci a maƙwabta, ya kwana gidan kaka, ya dawo bayan kowa ya yi barci. Yarinya takan ɓoye nata cikin aiki, ta zama mai hidimar gida wadda kowa ke yabon haƙurinta ba wanda ya san abin da take so. A duba wanda aka fifita shi ma. In ya zama mai kai rahoton 'yan uwansa, in suna yin shiru da ya shigo, in ba sa sa shi a wasa, to an riga an ware shi.

Inda iyaye suka fi rikicewa shi ne kuɗi, domin suna ɗauka adalci shi ne a raba komai daidai. Malamai sun bambanta ciyarwa da kyauta. Ciyarwa da bukata take tafiya. Ɗan shekara 13 yadi huɗu zai ci, ɗan shekara 8 biyu da rabi sun ishe shi, wannan ba fifiko ba ne. Fifiko shi ne ɗaya ya sami shadda mai tsada, ɗaya a yanko masa mai araha daga wani bandir, ko a kai na ɗaya wurin tela tun farkon azumi, na ɗaya a bari sai daren sallah. Yaro mai sikila ana kashe masa kuɗin magani fiye da sauran ninki da yawa, kuma babu zalunci a ciki, amma a gaya wa 'yan uwansa dalili da baki, a kuma ba su nasu lokacin, domin gidan mai jinya yakan manta da masu lafiya. Yara suna jure bambanci in sun san dalilinsa kuma sun ga da su ne a wannan halin haka za a yi musu. Kyauta kuwa, wato abin da ya wuce bukata, kamar waya, keke, fili, jari, kujerar Makka, a nan ake neman daidaito. Malamai sun saɓa a kan ko mace da namiji daidai za a ba su ko a bi tsarin gado, kuma mafi yawansu sun tafi a kan daidai. Ko wanne mutum ya bi, ya tambayi malaminsa, ya bi shi a kan kowa.

In ba za a iya ba kowa lokaci ɗaya ba, a kafa ƙa'ida a faɗe ta a gaban duka: duk wanda ya gama sakandare zai sami waya, duk wanda zai yi aure ga abin da zan ba shi. Sannan a rubuta abin da aka ba na farko da ranar da aka ba shi. A rubuta shi da abin da kuɗin ke iya saya, domin naira tana faɗuwa, dubu ɗari biyar ta yau ba ita ce ta shekara biyar masu zuwa ba. Wanda aka ba buhu goma na masara, a ba na bayansa kwatankwacin buhu goma. Makaranta ma haka. In kuɗin makarantar kuɗi na mutum ɗaya ne, ko dai duka su zauna a ta gwamnati a raba kuɗin a kan littattafai da darasin yamma, ko a sa sharaɗin da kowa zai iya cimmawa. A gidan mata biyu kuma a yi lissafi da kan yara, kada a yi da ɗakuna. In ɗaki ɗaya na da yara biyar, ɗaya na da biyu, aka raba kuɗin tara biyu daidai, an cuci biyar ɗin. Kuma rabon ya fito daga hannun uba kai tsaye, kada ya bi ta hannun matar da ke da girki.

Gyara ma yana da nasa haɗarin. Na ga uban da ya farga dare ɗaya, washegari ya juya wa ɗan lelensa baya gaba ɗaya, ya fara tsananta masa don ya nuna ya shiryu. Yaron ya rikice, ya ɗora laifin a kan 'yan uwansa, gaba ta ƙaru. Kada a rage wa wanda aka fifita ƙauna, a ɗaga sauran su kamo shi, abin da za a janye masa kawai shi ne kariya daga doka da aiki, shi ma a hankali. Kada a tara yara a tambaye su wa aka fi so, za a sami amsar tsoro ko a buɗe faɗa. In yaro ya kai shekara goma, a same shi shi kaɗai a ce, “Na lura na fi aikenka, ban kyauta ba, ga yadda za mu yi daga yau.” Kada a ƙara da “amma kai ma”. Kalmomin kwatance, irin su “dubi ƙaninka” da “ba ka ga yayarka ba”, a daina su ko a yabo ko a faɗa, a yi wa kowa magana a kan aikinsa.

Sai kuma kakanni, waɗanda galibi a wurinsu mai suna da auta ke samun mafaka. Ba a yi wa tsohuwa doka, kuma bai kamata ba. Abin da na ga yana aiki shi ne uba ya je shi kaɗai ya ce, “Inna, yaran nan duk suna son zuwa wurinki, zan riƙa turo miki su bi da bi.” In ta ba ɗaya kuɗi, kada a ƙwace, uba ya cike wa sauran daga aljihunsa a ranar, ba tare da ya soki kakar a gabansu ba. Mai sunan mahaifi kuwa, a ci gaba da sakaya sunan, girmamawar tana nan. In uba yana jin nauyin hukunta shi da hannunsa, ya zaɓi horon da ba duka a ciki, kamar hana fita wasa ko ƙarin aiki, ya kuma mayar da shi horon kowa a gidan. A nawa gidan akwai mai sunan Baba, shekararsa tara. Ranar Talata da Juma'a shi ke kai niƙa.